Yadda na koyi tantance yadi da hannu, da ja, da wuta

Kafin maigidana ya yarda na riƙe almakashi a kan yadin mutane, aikina shi ne shara, da guga, da sa maɓalli, da kuma wani buhu da ke ƙarƙashin teburin yanka. A cikin buhun nan ake tara ƙyallayen da suka rage daga kowane ɗinki. Idan aiki ya lafa sai ya ce in jawo shi, in zuba ƙyallayen a ƙasa, in rarraba su gida-gida: masu auduga gefe guda, na roba gefe guda, waɗanda na kasa ganewa kuma a tsakiya. A farkon lamari tarin tsakiya ya fi kowanne girma.

Abin da ya fara hana ni shi ne yanke hukunci da ido. Ya ce launi da zane da sheƙi su ne abin da masaƙa ta fi iya ƙawatawa, don haka su ne suka fi ruɗar mai saye. Sai ya sa in riƙa kawar da kai, in ɗauki ƙyalle, in faɗi abin da yatsuna suka ji kafin in duba.

Taɓa yadi ba shafa shi sau ɗaya ba ne. Akwai abin da bayan hannu yake ji, akwai abin da yatsu suke ji, akwai kuma abin da sai an dunƙule yadin a tafin hannu yake fitowa. Da bayan hannu nake jin sanyi ko ɗumi. Auduga da lilin sukan ba da wani sanyi busasshe a taɓawar farko, ulu kuma da ɗuminsa yake zuwa. Yadin roba, wato foliyesta da danginsa, yana iya yin sanyi a farko, amma idan ka bar shi kan fata na ɗan lokaci sai ka ji wurin ya fara damshi, domin zarensa ba ya shan gumi. Da babban yatsa da manuniya kuma nake murza yadin a hankali. Auduga tana da ɗan riƙo, ba ta sulɓewa. Foliyesta mai dogon zare yana zamewa, wani lokaci har da 'yar ƙara kamar ana murza leda.

Dunƙulewar ta fi koya mini abu. Ka kama yadin ka matse shi sosai a tafin hannu, ka ƙirga zuwa goma, ka saki. Lilin yana fitowa da layuka masu kaifi waɗanda ba sa tafiya sai an sa dutsen guga. Auduga tana yamutsewa ita ma, amma layukanta ba su kai na lilin kaifi ba. Ulu mai kyau yana buɗewa a hankali ya koma yadda yake. Foliyesta kuwa da ka buɗe hannu yake miƙewa, kusan babu alamar an matse shi. Na daɗe ina wannan matsa da saki kafin hannuna ya fara raba yadin da ya miƙe don ulu ne da wanda ya miƙe don roba ne, kuma bambancin yana cikin saurin miƙewar da nauyin yadin.

Daga nan sai maigida ya nuna mini inda hannu yake gazawa, wato sitaci. Masaƙu suna shafa wa zare da yadi sitaci da wasu sinadarai don ya yi tauri, ya yi nauyi, ya cike ramukan da ke tsakanin zare da zare. Sabon yadi mai sakwarkwacen saƙa, idan ya sha sitaci, a hannu sai ka rantse mai kauri ne. Ya ɗauko wani farin ƙyalle, ya kama shi da hannu biyu, ya cuɗa shi da ƙarfi kamar mai wanki, a saman baƙin yadi. Wani farin gari ya zubo. Ya ɗaga wurin da ya cuɗa ya saita shi da hasken ƙofa, ya ce, “Duba nan, ka duba gefensa.” Wurin da aka cuɗa ya yi laushi, haske yana ratsa shi ta ko'ina, gefen da ba a taɓa ba kuma yana nan a toshe. Ya ce abin da na gani a tsakiya shi ne yadin da mai kaya zai samu bayan wanki na farko, sauran duk kwalliya ce da ruwa zai tafi da ita. Idan ana son tabbaci, ɗigon aidin a kan farin ƙyalle yana komawa shuɗi mai duhu matuƙar akwai sitaci, amma mu a shago cuɗawa da ɗagawa sama sukan ishe mu.

Sheƙi ma iri biyu ne, kuma wannan ya ɗauke ni lokaci. Akwai sheƙin da aka samu ta hanyar matse yadi tsakanin manyan ƙarafa masu zafi, wanda yake a saman yadin kawai, wanki kuma yana rage shi. Akwai kuma na audugar da aka jiƙa a ruwan soda mai ƙarfi tana a ɗaure, dabarar da ta samo asali daga aikin John Mercer na Ingila a 1844. Wannan yana canza siffar zaren kansa, sheƙinsa ba ya fita da wanki, kuma yadin yana karɓar rini da kyau. A ido sabbi biyun suna iya kama da juna. Hanyar da na sani ta raba su ita ce a yanki ɗan ƙyalle a wanke da sabulu, a shanya, a goge, sannan a ajiye shi kusa da wanda ba a wanke ba.

Gwajin ja ya fi sauƙin koyo, amma sai ka fara sanin inda zaren yadi ya dosa. Saƙaƙƙen yadi yana da zaren tsaye, wanda yake bin tsawon bakin yadi, da zaren kwance da yake ratsa shi. Idan ka ja ta tsaye bai kamata ya miƙe ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta kwance yana ɗan bayarwa. Idan ka ja daga kusurwa zuwa kusurwa kuwa, ko yadin da babu roba mai talewa a cikinsa zai miƙe sosai, saboda zaren biyu suna karkacewa ne a kan juna. Wanda bai san haka ba zai ja yadi a kaikaice ya ce yana da roba.

Ga yadin da yake da roba da gaske, abin dubawa shi ne ko yana dawowa. Ina ɗora shi kan tef, in sa alamar alli a tazarar inci 4, in ja shi har inda ya fara turjiya, in riƙe na ɗan lokaci, in saki. Idan alamun sun koma inci 4 ko kusa da haka, yadin zai riƙe siffarsa. Idan sun tsaya a huɗu da rabi, wando da aka ɗinka da shi zai yi jaka a gwiwa da mazaunai tun kafin ya tsufa, kuma babu ɗinkin da zai hana hakan.

Akwai wani ja na daban da maigida ya fi damuwa da shi. Ka kama yadin da manyan yatsunka biyu, faratan suna fuskantar juna, ka tura zaren zuwa gefe da gefe. A yadi mai matsattsen saƙa zaren ba ya motsi. A mai sakwarkwacen saƙa sai ka ga zaren ya zame, wata 'yar taga ta buɗe. Irin wannan yadin shi ne yake buɗewa a gefen ɗinki, a hammata ko a bayan wando, alhali zaren ɗinkin yana nan bai tsinke ba. Mai kaya zai dawo ya ce ɗinki ya farke, kuma a idonsa tela ne mai laifi. Wannan gwajin ba ya cin minti guda, kuma shi ne yake gaya maka tun kafin yanka ko za ka bar rara mai faɗi a bayan ɗinki.

Wuta ce ta zo ƙarshe, kuma maigida bai bari na yi ta a cikin shago ba. Shagon tela cike yake da abin da ke kamawa. Mukan fita waje inda babu iska mai ƙarfi, da farantin ƙarfe, da hantsaki, da kwano cike da ruwa, da laita. Ba ya son ashana domin ƙaurinta yana rufe na yadin. Ƙyallen kuma kada ya wuce faɗin farcen babban yatsa, kuma ba a riƙe shi da hannu, domin narkakkiyar roba idan ta ɗiga a fata mannewa take tana ci gaba da ƙuna.

Ya koya mini kada in yi saurin cusa ƙyallen cikin harshen wuta. A fara kusantar da shi a hankali, a ga abin da bakinsa zai yi. Auduga ba ta gudun wuta, tana tsayawa har ta kama, ta ci da sauri da harshe rawaya, tana ƙauri irin na takarda. Bayan harshen ya mutu sai ka ga jan garwashi yana bin gefen ƙyallen, abin da ya rage kuma toka ce mai laushi wadda take watsewa da ka taɓa ta. Foliyesta tun kafin wuta ta taɓa shi yake janyewa yana nannaɗewa, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi da wari na sinadari, ya bar baƙin dunƙule mai tauri wanda ko ka matsa shi da farce bayan ya huce ba zai fashe ba. Nailan ma narkewa yake, sai dai hayaƙinsa bai kai haka baƙi ba, dunƙulensa kuma yakan yi ruwan toka ko ruwan ƙasa. Ulu da siliki na gaske suna ci a hankali, su mutu da kansu idan ka janye wutar, suna ƙaurin ƙonannen gashi, su bar baƙin dunƙule, amma nasu da ka murza sai ya zama gari. Murzawar nan ce take raba siliki da foliyesta mai kwaikwayonsa, shi ya sa ba a ƙare gwaji sai an jira abin ya huce an taɓa shi.

Duk wannan a kan ƙyallayen buhu na koye shi, inda amsa takan fito a fili. Yadin da ya sa na ga amfanin haɗa gwaje-gwajen wuri guda wani ne da wani dattijo ya kawo, ruwan sararin samaniya, yadi biyar, yana son riga da wando. Ya ce an tabbatar masa auduga ce zalla, kuma ya saye shi ne don jikinsa ba ya jure zafi. Bayan an gama awo ya tafi, maigida ya tura mini yadin ya ce, “Kai za ka gaya mini mene ne wannan.”

A bayan hannu yana da sanyi da laushi, abin da yake tafiya da maganar auduga. Da na dunƙule shi ya yamutse, amma ba ta ko'ina ba. Layukan da suka bi tsawon yadin sun zauna, waɗanda suka ratsa shi ta faɗi kuwa sun miƙe nan take. Na ɗaga shi ina kaɗawa, na ga yana zubowa da nauyi yana lilo, alhali auduga mai wannan kaurin takan ɗan tsaya. Na tura zaren da farata, ya zame kaɗan. Na ce, “Maigida, hannuna ya rabu biyu a kansa.” Ya ce to in kai shi wuta.

Na yanki ɗan ƙyalle daga ƙarshen yadin. Ya kama da harshe rawaya, na ji ƙaurin takarda, amma akwai baƙin hayaƙi a tare, bakin ƙyallen kuma yana tafarfasa. Da ya huce na murza, toka ta watse, ta bar wani tauri-tauri a ƙarƙashin yatsa. Wannan alamar haɗi ce. Na faɗa masa haka, ya ce na yi rabin aikin, saura in san yadda aka haɗa.

A nan ya nuna mini abin da har yau nake yi wa duk yadin da ya ruɗa ni. Ka zare zaren tsaye guda goma ko fiye, ka murɗa su wuri ɗaya. Ka zare na kwance ma haka. Ka ƙona kowanne shi kaɗai. Na tsayen ya janye daga wuta, ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Da na warware guda ɗaya da allura sai na ga siraran zarurruka masu santsi waɗanda suka tafi tsawon zaren ba tare da yankewa ba. Foliyesta ne. Na kwancen ya ci da sauri, ƙaurin takarda, toka 'yar kaɗan, babu dunƙule. Na ce to wannan dai auduga ce.

Ya girgiza kai ya ce wuta ba za ta iya gaya mini haka ba. Auduga da biskos duka daga tsiro suke, auduga daga gona, biskos daga ɓargon itace da aka narkar da sinadari aka mai da zare, don haka ƙonewarsu da ƙaurinsu kusan ɗaya ne. Ruwa ne yake raba su. Ya sa na zaro dogon zaren kwance, na jiƙa tsakiyarsa da ɗigon ruwa, na ja shi da hannu biyu. Ya tsinke cikin sauƙi, daidai wurin da na jiƙa. Na maimaita da wasu zarurrukan, kowanne a nan yake tsinkewa. Sai ya miƙo mini zaren da ya zaro daga ƙyallen da muka san auduga ne, na yi masa haka, ya tsinke a busasshen wuri. Auduga ƙarfi take ƙarawa idan ta jiƙe, biskos kuwa rauni yake yi sosai. Yadin dattijo babu auduga a cikinsa ko kaɗan: foliyesta ta tsaye, biskos ta kwance. Sanyin da na ji a hannu da zubowar da na gani duk na biskos ne, haka ma layukan da suka ƙi miƙewa, domin su zaren kwance suka lanƙwasa.

Sanin sunan zare bai ƙare aikin ba, domin abin da tela yake bukata shi ne ya san yadda yadin zai yi bayan ya zama riga. Biskos yana tsukewa a wanki, foliyesta ba ya yi. Muka yanki ƙyalle, muka zana masa murabba'i na inci 10 ta kowane gefe da biro, na wanke shi da sabulu, na shanya, na goge. Ta tsaye ya dawo inci 10 cif. Ta kwance ya koma tara da rabi. Rabin inci a cikin goma kashi 5 ne cikin ɗari. Faɗin rigar da za mu yanka a zagayen ƙirji inci 46 ne, ke nan wanki zai cinye fiye da inci 2 a wurin da mutum ya fi jin matsi, tsawon rigar kuma yana nan yadda yake. Mai riga zai ɗauka tela ne ya gaza a awo.

Maigida ya ce almakashi ba zai sake taɓa yadin ba sai mai shi ya ji. Da dattijon ya dawo, ya zaunar da shi, ya nuna masa dunƙulen da tokar a kan faranti, ya ce, “Alhaji, yadin nan ba auduga ba ne, haɗin roba ne da wani zare mai laushi. Zai ɗinku, zai kuma yi kyau a jiki, amma ba zai sha gumi kamar yadda kuke so ba, kuma yana tsukewa. In kun yarda mu wanke shi kafin mu yanka. In kuma kuna so ku mayar wa wanda ya sayar muku, ga shi nan ba mu taɓa shi ba sai ɗan bakin nan.” Na lura bai ce an cuce shi ba, bai kuma zagi mai sayarwa ba, domin sau da yawa shi ma abin da aka rubuta a jikin bandir yake faɗa. Dattijon ya yi shiru yana juya yadin a hannu, sannan ya ce a ɗinka.

Yadda muka ɗinka shi duk daga abin da gwajin ya nuna ya fito. Na jiƙa yadin gaba ɗaya, na shanya shi a inuwa ba tare da na murɗe shi ba, saboda raunin biskos a cikin ruwa. Na goge shi ta baya da dutsen guga a kan alamar zafi mai ɗigo biyu, wanda bai wuce digiri 150 ba, maimakon ɗigo uku na auduga da yake kaiwa 200, domin zafin auduga yana sa foliyesta ya yi wani mummunan ƙyalli da ba ya gyaruwa, ko ma ya narke. Maigida ya cire allura lamba 14 da ke kan keke ya sa sabuwa lamba 11, ya ɗan sassauta zaren sama, saboda ɗinkin da ya bi zaren tsaye mai santsi yakan tattare. Da yake zaren yadin yana zamewa, ya bar rara mai faɗi a gefe da hammata da bayan wando, ya ɗaure bakin kowane yanki don kada ya zazzare, ya kuma maimaita ɗinki a wuraren da jiki yake ja.

Akwai abubuwan da wuta ba ta faɗa, kuma na ga masu koyo da yawa suna ɗora mata nauyin da ba nata ba. Ba ta gaya maka ko yadi mai kyau ne, iyakarta ta nuna maka dangin zaren. Auduga mai gajeren gashi da sakwarkwacen saƙa tana ƙonewa daidai da mafi kyawun auduga, kuma akwai foliyesta mai matsattsen saƙa da zai fi ta daɗewa nesa ba kusa ba. Idan kuma an cakuɗa zaren biyu tun wurin kaɗi, kamar haɗin nan da aka saba na kashi 65 foliyesta da 35 auduga, zare tsaye da kwance ba zai raba su ba, kowanne zai ba ka toka da dunƙule a tare, kuma ba za ka iya faɗin kason kowanne daga faranti ba. Rini mai yawa da sinadaran da ake shafa wa yadi su ma suna canza wari da launin toka, shi ya sa ƙyallen da aka wanke ya fi faɗin gaskiya. Zubar launi kuwa babu ruwanta da wuta: farin ƙyalle jiƙaƙƙe ake gogawa a jikin yadin a duba ko ya ɗauki launi, musamman idan za a sa masa farin shafi ko aiki da farin zare.

Yanzu idan yadi ya zo hannuna nakan fara da murzawa da dunƙulewa, in ɗaga shi ga haske, in ja ta tsaye da ta kwance, in tura zaren da farata. Yawancin yadi a nan nake sanin yadda zan bi da shi. Wuta sai idan abin da hannuna ya ji ya saɓa wa abin da aka gaya wa mai kaya, ko kuma idan zan sa guga mai zafi a kan yadin da ban san shi ba, kuma ko a lokacin nakan nemi izinin mai shi kafin in yanki bakin.